Lamba Daidai, Shafi Ya Ƙi Buɗewa: Inda Matsalar NIN Take a Shafukan Haraji

Tun daga ranar 1 ga Janairun 2026, lokacin da sababbin dokokin haraji na Najeriya suka fara aiki, lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, ta zama ginshiƙin da ake gane mai biyan haraji da shi. Shugaba Bola Tinubu ya sa wa dokokin hannu a watan Yunin 2025, hukumar FIRS ta koma NRS, aka kuma bayyana cewa mutum ɗaiɗai da NIN ɗinsa za a san shi, kamfani kuwa da lambar rajistarsa ta CAC. A takarda wannan sauƙi ne, domin an rage wa mutane yawon neman lambobi. Amma duk wanda ya zauna a shagon intanet a Kano ko Kaduna ko Sakkwato ya san abin da yake biyo baya. Mutum zai shigar da lambobinsa goma sha ɗaya, ya duba su ɗaya bayan ɗaya, babu kuskure, sai shafin ya ce bayanansa ba su dace da abin da ke rajista ba. Ya sake, haka. Mai shago ya ce masa "natwok ne, ka dawo gobe." Ya dawo gobe, amsar ba ta canza ba.

Mafi yawan lokuta ba natwok ba ne, kuma lambar ma ba ta da laifi. Abin da ya saɓa shi ne sunan da ranar haihuwar da ke rataye a jikin lambar. Ina ganin babban abin da ya kamata mai wannan matsala ya sani shi ne, kada ya biya ko sisi don a gyara wani abu sai ya gano wace rajista ce daga cikin nasa take ɗauke da kuskuren. Mutane da yawa sun kashe kuɗi sun gyara wadda take daidai, suka bar gurɓatacciyar.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a ɓoye idan ka danna maɓallin shiga. Shafin haraji ba shi ne yake riƙe da bayanan NIN ba. Suna can a rumbun hukumar NIMC, wadda dokar shekarar 2007 ta kafa. Idan ka shigar da lambarka, shafin yakan aika tambaya zuwa can, a dawo masa da sunan da ranar haihuwar da aka rubuta ranar da ka yi rajista. Daga nan sai ya gwada su da abin da ka rubuta yanzu da hannunka. Idan kuma kana da tsohuwar rajista a wurinsu, misali tsohuwar lambar TIN ko bayanan da ma'aikatarka ta aika lokacin cire harajin albashi, sai ya sake gwada su da waccan. Ƙofa biyu ke nan, kuma kowace tana iya tare ka. Na'urar tamkar maigadi ce da aka ba shi takarda aka ce kada ya bar kowa ya wuce sai wanda sunansa ya zo daidai harafi da harafi. Ko ya san fuskarka, ko ya san gidanku, idan takarda ta ce Mohammed kai ka ce Muhammad, a wurinsa ku mutum biyu ne. Wasu shafukan suna ɗan yin sassauci, wasu ba sa yi ko kaɗan, kuma daga waje ba ka da hanyar sanin wanne kake gabansa.

Wannan tsari ya fi cin mu, mu Hausawa, saboda yadda muke raɗa suna. Fom ɗin yana da gurbi uku: Surname, da First name, da Middle name. An tsara shi ne domin mutanen da ke da sunan dangi guda da ake gado daga kaka zuwa jika. Mu kuwa yaro sunansa ne da sunan mahaifinsa, wani ya ƙara na kaka, wani ya ƙara garinsu, wani laƙabi ya danne sunan yanka har ya shiga takardun makaranta. Akwai kuma sunaye masu haɗe biyu irin su Muhammad Sani, Muhammad Rabi'u, Aliyu Haidar, Nana A'isha, waɗanda a wurinmu suna ɗaya ne amma mai cike fom yakan raba su gurbi biyu. Idan aka tambayi Bahaushe sunansa sai ya jero su kamar yadda ake kiransa, wanda ke zaune gaban kwamfuta kuma ya zuba su yadda ya ga dama. Magatakardan banki ya sa sunan uba a gurbin Surname, mai rajistar NIN ya sa sunan kaka, malamin da ya cike fom ɗin jarrabawa ya sa sunan gari. Dukkansu ba su yi ƙarya ba, amma sun haifar da mutum uku daga mutum ɗaya.

Sai batun rubutun boko. Suna guda yana da fuskoki da yawa: Muhammad, Muhammed, Mohammed, Muhammadu, A'isha, Aisha, Aishatu, Aishat, Usman, Usmanu, Uthman, Abdurrahman, Abdulrahman, Abdulrahaman. Ɗan waƙafin saman nan da ke cikin Sa'adatu ko Isma'il shi kaɗai ya isa ya kawo saɓani, domin wani ya sa shi wani ya bar shi. Mata suna da nasu ƙarin nauyin. Wadda ta yi BVN da sunan mahaifinta tana budurwa, daga baya ta yi NIN da sunan miji, ita ma ta rabu gida biyu a idon na'ura.

Ranar haihuwa kuwa ita ce ta fi wuyar kamawa. Dattawa da dama, har da matasa a karkara, ba a rubuta musu ranar haihuwa ba, don haka aka riƙa sa musu 1 ga Janairu, shekarar kuma a yi kirdado, kuma kirdadon banki ba lallai ne ya zo ɗaya da na NIMC ba. Wasu sun rage shekaru saboda neman aiki a wata takarda suka manta da ɗayar. Wani lokacin ma juyi ne kawai aka yi tsakanin rana da wata, 05/08 ta koma 08/05, wato 5 ga Agusta ta zama 8 ga Mayu. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, takardar NIN ta asali da ake ba mutane bayan rajista tana nuna suna da jinsi da adireshi, amma ba ta nuna ranar haihuwa. Mutum zai yi shekaru yana yawo da ita a aljihu bai san wace rana aka rubuta masa ba.

Yawancin waɗannan kurakurai suna da lokacin da aka shuka su. A Disamban 2020 gwamnati ta umarci kowa ya haɗa layin wayarsa da NIN ko a rufe shi, sannan daga 2021 hukumar JAMB ta wajabta wa masu neman jarrabawa. Wanda ya ga cunkoson wancan lokacin ba zai manta ba: mutane tun asuba a layi, wakilai masu zaman kansu sun baza kwamfutoci a kasuwanni da ƙofofin gidajen masu unguwa, kowa yana sauri. Ana nuna wa mutum bayanansa a fuskar na'ura a ce ya duba, amma wanda bai iya karatun boko ba me zai duba, wanda ya iya kuma ga mutum ɗari a bayansa suna jira. A lokacin babu wanda ya damu, tunda layi ya tsira. Yanzu da banki da fasfo da fansho da rancen ɗalibai da haraji duk suka koma kan lambar nan ɗaya, sai abin da aka binne ya fara fitowa.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ƙaddara wani ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, sunansa na yanka Muhammad Sani, mahaifinsa Abdullahi, an haife shi 5 ga Agustan 1984. Misali ne kawai, amma irinsa ya cika gari. A 2015 ya yi BVN, banki ya rubuta Abdullahi a gurbin Surname, Mohammed a First name, Sani a tsakiya, ranar haihuwa kuma 1 ga Janairun 1984 saboda bai zo da takarda ba. A 2019 ya nemi TIN, aka ɗebo bayanan daga BVN ɗin nan. A farkon 2021 ya yi NIN cikin cunkoso, inda aka rubuta Muhammad daidai, ranar haihuwa daidai, amma aka sa Sani a gurbin Surname, Abdullahi ya koma tsakiya. Yau yana son takardar shaidar biyan haraji domin wata 'yar kwangila, ya shiga shafi ya rubuta sunansa kamar yadda ya san shi, aka ƙi shi.

Matakin farko ba ya cin komai sai nutsuwa: ya tabbatar lambar da yake shigarwa NIN ce. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin NIN da BVN da lambar waya duk goma sha ɗaya ne, kuma mutane suna ajiye su wuri ɗaya a waya. A jikin takardar akwai kuma wata lamba mai suna Tracking ID, mai haɗe da haruffa, wadda ba ita ce ake nema ba. Daga layin da ya yi rajista da shi zai iya kiran waɗannan, ana cire ɗan kuɗi kaɗan:

```
*346#
*565*0#
```

Ta farko tana dawo da NIN, ta biyu BVN. Idan lambar ta tabbata, sai ya karanta saƙon da shafin ya bayar da kyau, domin saƙonnin ba ɗaya ba ne. Idan an ce ba a sami rajista ba sam, irin `Record not found`, to ko dai an yi kuskuren lamba, ko rajistar sabuwa ce ba ta gama shiga rumbu ba, ko akwai matsala a kan ita kanta rajistar, ko kuma hanyar da ke tsakanin shafin da NIMC ce ta yanke. Ana gane na ƙarshen cikin sauƙi: idan kowa a shagon abin da yake samu ke nan, to na kowa ne, jira ne maganinsa. Amma idan na kusa da kai ya wuce, kai kuma aka ce sunanka ko ranar haihuwarka ba su dace ba, wannan naka ne, kuma ko shekara ka yi kana dawowa ba zai gyaru da kansa ba.

Mataki na biyu shi ne ya ga ainihin abin da kowace rajista take ɗauke da shi. Ya duba takardar NIN gurbi-gurbi, ba karatun jimla ba. Don ganin ranar haihuwa, ya buɗe manhajar hukumar a waya ko ya fitar da sabuwar takardar nan mai kama da kati wadda take nuna ta, ko ya je ofishinsu a nuna masa. Ya je banki ya nemi a buga masa bayanan BVN. Ya nemo takardar TIN. Sai ya shimfiɗa su uku a gabansa tare da tsofaffin takardunsa, ya ja layi a farar takarda ya rubuta abin da kowace ta ce a kan suna na farko, na tsakiya, na uba, da ranar haihuwa. Ɗan kasuwarmu a nan zai ga saɓani uku ƙarara: rubutun Muhammad, matsayin Sani da Abdullahi, da ranar haihuwa.

Da wannan sani kaɗai zai iya wuce ƙofar farko. Idan ya koma shafin ya rubuta Sani a gurbin Surname kamar yadda NIMC ta riƙe, tambayar farko za ta dawo da amsa mai kyau. Mutane da yawa matsalarsu a nan take ƙarewa, ba tare da sun gyara komai ba. Shi kuwa da sauransa, domin idan shafin ya zo haɗa shi da tsohuwar rajistarsa ta haraji zai tarar da Mohammed Abdullahi na 1 ga Janairu, ya sake tsayawa. Wani zai ce to ya buɗe sabuwar rajistar haraji mana ya huta. Kada ya yi. Duk abin da ya biya a baya yana kan tsohuwar, kuma takardar shaidar biyan haraji tarihin shekaru uku da suka wuce take nunawa. Sabuwar rajista za ta nuna shi kamar wanda bai taɓa biyan ko kwabo ba.

Yanzu sai yanke shawara, kuma a nan ne ake yawan ɓata. Tambayar ita ce wanne ne gaskiya, ba wanne ne ya fi arha ko kusa ba. Ranar haihuwar da ke NIN ita ce daidai, don haka ba za a taɓa ta ba, banki da ofishin haraji ne za su gyara tasu. Rubutun Muhammad ma na NIN ne daidai. Abu ɗaya ne kawai NIN ta kuskure, wato juya Sani da Abdullahi. Wannan zai gyara a NIMC, kuma shi zai fara yi, domin banki da ofishin haraji duk NIN suke dubawa kafin su amince da gyara. Wanda ya fara da banki zai yi aiki biyu.

Tun 2024 NIMC ta buɗe shafin da mutum zai nemi gyara da kansa:

```
selfservicemodification.nimc.gov.ng
```

Ana buɗe asusu da NIN da imel, a ɗauki hoton fuska don tabbatar da mai lambar ne, a zaɓi abin da za a gyara, a ɗora takardun hujja, a biya kuɗi. Gyaran suna yakan buƙaci takardar rantsuwa daga kotu, da sanarwar jarida ko takardar aure idan sauya suna ne, da wata shaida ta gwamnati. A farashin da hukumar ta sanar a watan Mayun 2025, gyaran suna ko adireshi ko lambar waya naira 2,000 ne, gyaran ranar haihuwa kuwa naira 28,574. Ranar haihuwa tana da tsauri na musamman: sai da takardar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, takardar haihuwa ga wanda aka haifa daga 1992, takardar tabbatarwa ga wanda ya girmi haka, kuma sau ɗaya ake yarda a canza ta. Ka ga ke nan da ɗan kasuwarmu ya bi shawarar wani a bakin shago ya mayar da ranar NIN ta koma 1 ga Janairu don ta dace da banki, da ya biya kuɗi mai yawa ya sayi ƙarya, ya kuma ƙone damarsa guda ɗaya tilo.

Akwai wani tarko a shafin gyaran da ya kamata a sani. Hukumar ta yi gargaɗi cewa asusun yana ɗaure da wayar ko kwamfutar da aka buɗe shi da ita. Wanda ya buɗe a shagon intanet sannan ya koma gida ya gwada shiga da wayarsa zai iya tarar da an kulle shi, haka ma wanda ya goge tarihin burauzarsa. Gara mutum ya yi da wayarsa, ko ta ɗansa da yake gida ɗaya da shi, da imel ɗin da ya san mabuɗinsa. Wanda ba shi da hali ya nufi ofishin hukumar, maimakon ya miƙa lambarsa da hotonsa ga wanda ya ce yana da "hanya a ciki."

Bayan an amince da gyara, lambar NIN ba ta canzawa, bayanan jikinta ne suke sabuntuwa. Sai ya fitar da sabuwar takarda ya kai banki, ya cike fom ɗin gyaran BVN, tare da takardar rantsuwa da shaidar haihuwa idan sun nema. Daga nan ya wuce ofishin haraji. A nan a lura: harajin kuɗin shiga na mutum ɗaiɗai yawanci na jihar da yake zaune ne, don haka ɗan Kwari hukumar KIRS zai nufa, na Kaduna KADIRS, ba ofishin tarayya ba. Zai nemi a sabunta bayanansa a haɗa tsohuwar rajistar da NIN. Wannan zuwan dole ne, domin shafuka da yawa suna ajiye kwafin bayanan da suka ɗebo tun farko, gyaran da aka yi a NIMC ba ya shiga wurinsu da kansa. Shi ya sa za ka ji mutum yana cewa "ai na gyara, amma har yanzu tsohon suna yake fitowa." Ma'aikacin gwamnati ko na kamfani kuma ya sanar da ofishin biyan albashi, in ba haka ba za su ci gaba da aika harajinsa da tsohon suna.

Wani lokaci suna da rana duk daidai suke, amma lambar sirrin da shafin yake aikawa ba ta zuwa, saboda layin da ke rajista ya ɓace ko an daina amfani da shi har kamfani ya sayar wa wani. Wannan ma gyaran lambar waya ne a NIMC da ofishin haraji, kuma yana da gaggawa, tunda saƙonninka suna sauka a hannun baƙo.

Abu guda da nake roƙon kowa ya guje masa shi ne sake yin rajistar NIN daga farko. Har yanzu akwai masu ba da wannan shawara, wai ka je wani gari ka yi sabuwa da suna daidai. Rumbun yana gwada zanen yatsu da fuska, idan ya ci karo da mutum sau biyu sai rajistar ta maƙale, kuma hukumar ta sha nanata cewa yin hakan laifi ne. Wanda ya je da matsalar harafi ɗaya sai ya dawo da matsalar da za ta taɓa layinsa da asusunsa na banki gaba ɗaya.

Ba na ganin adalci ne a ɗora wa talaka duk wannan nauyi. Kuskuren da ma'aikacin rajista ya yi da yatsunsa bai kamata mai lamba ya biya kuɗin gyaransa ba, musamman dattijon da ba a taɓa karanta masa abin da aka rubuta ba. Shafukan haraji su ma suna iya rage rabin wahalar da abu ɗaya: su faɗa wa mutum wane gurbi ne ya saɓa, suna ne ko rana, maimakon jimla ɗaya dunƙule da ba ta nuna hanya. Kuma ƙasar da miliyoyin 'ya'yanta suke rubuta Muhammad ta fuska huɗu ya kamata na'urorinta su san da haka.

Kafin a kai can, lokaci ba ya jira. Mutum ɗaiɗai yana da zuwa 31 ga Maris na kowace shekara ya miƙa bayanan kuɗin shigarsa, kuma sabuwar dokar ta sa tarar naira 100,000 a watan farko na rashin miƙawa da 50,000 a kowane wata bayansa. Gyaran NIMC kuwa yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, ga na banki da na ofishin haraji a bayansa. Idan ranar ta matso ba a gama ba, ka rubuta wa ofishin harajin jiharka takarda, ka haɗa da hoton saƙon da shafin ya bayar da rasidin gyaran da ka biya, ka sa su buga hatimin karɓa a kwafinka. In kuma ba ka taɓa gwada shiga ba, ɗauko takardar NIN ɗinka da ta BVN a makon nan ka jera su, ka duba na iyayenka da na matan gida ma, tun babu wanda yake jiran ka da wa'adi.